An soke mini 2-ethylpentane, an ce 3-methylhexane ne: a ina na yi kuskure?

Ɗalibar_SS2

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai da yayyenmu da ke cikin wannan zaure a kan wata tambaya da aka yi mana a gwajin kemistiri na makon jiya. An zana mana wannan sinadari, aka ce mu faɗi sunansa bisa tsarin IUPAC:

```
CH3-CH-CH2-CH2-CH3
    |
    C2H5
```

Na ƙirga kabon ɗin da ke kan layi na samu biyar, na ce pentane ke nan. Na ga reshe mai kabon biyu a kan kabon na biyu, sai na rubuta 2-ethylpentane. Da aka dawo mana da takardunmu na tarar an soke amsar da jan biro, an rubuta 3-methylhexane a gefe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ban ga wurin da kabon shida suka jeru a zanen ba, kuma ban san inda methyl ya fito ba, alhali ethyl nake gani da idona.

Malam_Na_Alli

Wa alaikumus salam. Malaminki yana da gaskiya, kuma kuskuren da kika yi shi ne wanda kusan kowane ɗalibi yake fara yi, domin ido yana bin layin da ya miƙe a takarda. Abin da ake nema shi ne sarƙar kabon mafi tsawo wadda za a bi daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da an ɗaga biro ko an koma baya ba, ko da kuwa ta karya kwana. Ki fara da warware C2H5 ɗin nan, domin a dunƙule yake ɓoye abin da ke cikinsa:

```
CH3-CH-CH2-CH2-CH3
    |
    CH2
    |
    CH3
```

Yanzu ki ɗora biro a kan CH3 na ƙasa, ki ce ɗaya. Ki hau zuwa CH2, biyu. Ki hau zuwa CH, uku. Daga nan ki karya dama, ki bi CH2, CH2, CH3, wato huɗu, biyar, shida. Ga kabon shidan da kika ce ba ki gani ba. Da zarar kin zaɓi wannan hanya, sai ki duba abin da ya rage a waje: CH3 guda ɗaya na hannun hagu, wanda dā kike ɗauka shi ne farkon sarƙa. Shi ne methyl ɗin, kuma yana rataye a kan kabon na uku. Idan kika ƙirgo daga dama zai faɗa a kan na huɗu, saboda haka uku ake ɗauka.

Ɗan_Gusau

Ni abin da aka koya mini shi ne in riƙa gwada amsata ta hanyar haɗa yawan kabon. Idan sunan da na rubuta ya ba ni adadin kabon da ke cikin zanen, to na san na yi daidai. Ina ganin da ƙanwarmu ta yi wannan gwaji, da ta gane kuskurenta tun a cikin aji.

Malam_Na_Alli

Ɗan_Gusau, gwajin yana da amfani, amma a wannan tambaya ba zai cece ta ba. Ethyl kabon biyu ne, pentane biyar, jimla bakwai. Methyl ɗaya ne, hexane shida, jimla bakwai ɗin dai. Duk wanda aka ba shi sunan da ta rubuta zai zana sinadarin daidai, C7H16 ne kuma shi ɗin ne. Ƙirga kabon yana kama wanda ya manta wani reshe ko ya ƙirga kabon ɗaya sau biyu, amma ba ya kama wanda ya zaɓi gajeriyar sarƙa.

Ɗalibar_SS2

Na gode Malam, na bi da biro na ga shidan. Amma tun da duk wanda ya karanta sunana zai zana abin da ya dace, me ya sa za a soke shi gaba ɗaya? A ganina an fahimci abin da nake nufi.

Hajiya_Mai_Gwaji

'Yata, dalilin shi ne ana son mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su kalli abu ɗaya su rubuta suna ɗaya. C7H16 kaɗai yana da tsari daban-daban har tara, kuma kowannensu yana da halinsa. Heptane mai miƙaƙƙiyar sarƙa yana tafasa a wajen digiri 98, wannan naki kuma a wajen 92. Idan kowa zai sa suna gwargwadon yadda aka kwantar da zanen a gabansa, sinadari ɗaya zai tashi da suna uku, sai mai neman sa a rajistar kaya ya zaci abubuwa uku ne. Na yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje, kuma na san wahalar kwalba biyu masu abu ɗaya da takardar suna daban. Ki kuma sani cewa miƙewar da kike gani a takarda ta mai zane ce. A zahiri sarƙar ba ta miƙe ba ko kaɗan, domin kusurwar da ke kan kowane kabon tana kusa da digiri 109.5, kuma kowace mahaɗa tana iya juyawa. Saboda haka kwanar da kika gani ba ta bambanta da sauran sarƙar ba.

Mai_Darasin_Yamma

Abin da Hajiya ta faɗa shi ne nake nuna wa yaran da nake yi wa darasi a gida, kuma ba na amfani da allo. Ina samo igiya in ɗaura mata ƙulli shida, sannan in ɗaura wani guntun zare mai ƙulli ɗaya a kan ƙulli na uku. Sai in kwantar da ita a kan tabarma yadda guntun zaren zai miƙe tare da dogon ɓangaren, ƙulli biyun farko kuma su lanƙwaso ƙasa, kamar dai zanen da ke sama. Kowane yaro zai ce biyar ne a jere. Sai in ce ya kama bakin igiya biyu da suka fi nisa da juna ya ɗaga sama ya ja. Nan take shida suke miƙewa, ɗayan kuma ya yi lilo a ƙasa. Wanda ya ja igiyar nan da hannunsa sau ɗaya ba kasafai yake sake faɗawa wannan rami ba.

A takarda kuma ina sa su zagaye kowane CH3 da ke bakin hanya tukuna. A tambayar ƙanwarmu uku ne, saboda haka hanyoyi uku kawai ake da su: daga hagu zuwa dama biyar, daga ƙasa zuwa hagu huɗu, daga ƙasa zuwa dama shida. Ba na yarda yaro ya rubuta suna sai ya rubuta tsawon kowace hanya a gefe.

Malam_Na_Alli

Zan ƙara wata alama da ke saurin tona kuskure. A sunan alkan mai buɗaɗɗiyar sarƙa, duk lokacin da ka ga ka rubuta 1-methyl ko 2-ethyl, ka tsaya ka koma. Methyl a kan kabon na farko ba reshe ba ne, ci gaban sarƙa ne. Ethyl a kan kabon na biyu kuma ya fi guntun da ke bayansa tsawo, domin shi biyu ne, abin da ke bayan kuma ɗaya, saboda haka sarƙar ta cikinsa ya kamata ta bi.

Ɗan_Sharada

Malam, a yi mini afuwa, amma ina da ja a nan. Na taɓa aiki a inda ake harkar roba, kuma na sha ganin 2-ethylhexanol a rubuce a jikin takardun kaya. Idan 2-ethyl kuskure ne, yaya masu sarrafa shi suke rubuta shi haka?

Hajiya_Mai_Gwaji

Abin da ka gani daidai ne, kuma bai rushe maganar Malam ba, domin Malam ya ce a alkan. Wancan yana ɗauke da OH, kuma idan akwai OH dole ne babbar sarƙa ta ɗauki kabon da yake riƙe da shi, ko da akwai wata hanya da ta fi tsawo. Cikakken sunansa 2-ethylhexan-1-ol. Idan da za a cire OH a sa haidirojin, abin da zai rage 3-methylheptane za a kira shi, ethyl ɗin ya shige cikin sarƙa. Amma ina ganin kada mu ja ɗalibar zuwa can yanzu.

Ɗalibar_SS2

Zancen sarƙa ya zauna. Yanzu saura ta ina ake fara ƙirga idan reshe ya wuce ɗaya. A littafin rubutuna an ce a ƙirga daga ɓangarorin biyu, a haɗa lambobin kowane ɓangare, a ɗauki wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta. Shin haka ne?

Ɗan_Gusau

Haka ne, mu ma haka muka koya, kuma ban taɓa faɗuwa da shi ba. Ki duba 2,2,4-trimethylpentane. Daga wannan gefe jimla takwas, daga wancan 2,4,4 ne, jimla goma, sai ki ɗauki takwas. Wannan ma shi ne sinadarin da aka ba lamba 100 a ma'aunin ingancin fetur, heptane kuma aka ba shi sifiri.

Malama_Daga_Zariya

Sunan da ka kawo daidai ne, Ɗan_Gusau, amma hanyar da ta kai ka gare shi ba ita ce ƙa'idar IUPAC ba, kuma wannan batu yana damuna ƙwarai domin kowace shekara sai na kwance shi daga kan ɗaliban aji ɗaya na jami'a. Ƙa'idar ita ce a jera lambobin kowane gefe daga ƙarama zuwa babba, a kwatanta su ɗaya bayan ɗaya, kuma wurin da suka fara saɓawa shi ne yake yanke hukunci. Ba a duban abin da ya biyo baya. A misalinka, biyu da biyu sun yi kunnen doki, sai a matsa gaba, a tarar da biyu da huɗu, biyu ta ci, magana ta ƙare. Jimla ta dace da amsar ne kawai.

Ga inda suke rabuwa:

```
CH3-CH(CH3)-CH2-CH2-CH2-C(CH3)2-CH2-CH3
```

Sarƙar kabon takwas ce. Daga hagu, rassan suna kan 2, 6, 6, jimla goma sha huɗu. Daga dama suna kan 3, 3, 7, jimla goma sha uku. Mai bin jimla zai rubuta 3,3,7-trimethyloctane, ya yi kuskure, domin tun a lambar farko biyu ta gaza uku. Sunan 2,6,6-trimethyloctane ne. Idan kuma ka rage CH2 ɗaya daga tsakiya sarƙar ta koma bakwai, za ka samu 2,5,5 da 3,3,6, kowanne jimlarsa goma sha biyu. A nan jimla ba ta da abin cewa sam, ƙa'idar gaskiya kuwa nan take take ba ka 2,5,5-trimethylheptane.

Ɗan_Gusau

Na zana su na gani, Malama. Amma abin mamaki ne a ce shekara uku ina amfani da jimla ban taɓa cin karo da wannan ba.

Malama_Daga_Zariya

Ba abin mamaki ba ne. Idan rassa biyu ne kawai, hanyoyin biyu ba sa taɓa saɓawa, lissafi ne ya tabbatar da haka. Sai rassa sun kai uku ake iya samun saɓani, kuma ko a nan ba kullum ba, sai reshe ɗaya ya zauna dab da wannan baki, sauran kuma sun taru ta wancan ɓangare. Yawancin tambayoyin sakandare ba sa kaiwa nan, shi ya sa hanyar take daɗewa a hannun mutum bai ga aibinta ba.

Bako_Maraɗi

Ina gaishe ku daga Nijar. Mu da Faransanci muke karatu, muna rubuta méthyl da éthyl da alama a kan wasali, amma dokar ɗaya ce. Abin da na riƙe shi ne a fara ƙirga daga gefen da ya fi kusa da reshe mafi girma, domin na lura kullum ethyl ne yake zuwa gaba a suna, kuma shi ne yake samun ƙaramar lamba.

Malam_Na_Alli

Malam Bako, abubuwa biyu ne suka haɗe maka, kuma gara a raba su. Zuwan ethyl gaba a rubutu ba don girmansa ba ne, don harafin e ya riga m ne. Wajen ƙirga kuwa ba a duban girman reshe, kusancinsa da baki ake duba. Ka ɗauki sarƙa bakwai mai methyl kusa da wannan baki da ethyl ta wancan. Daga gefen methyl lambobin 2 da 5 ne, daga gefen ethyl 3 da 6. Biyu ta ci, saboda haka sunan 5-ethyl-2-methylheptane. Ka ga ethyl ya zo gaba a rubutu, amma da babbar lamba. Jerin haruffa yana shiga zancen lamba ne kawai idan gefen biyu sun ba da lambobi iri ɗaya sak. Idan methyl da ethyl suna kan 3 da 5 ta ko'ina ka ƙirgo, to a nan ne ake ba ethyl ƙaramar, a ce 3-ethyl-5-methylheptane. Ina zaton irin wannan misali ka gani ka ɗauke shi doka ta gaba ɗaya.

Bako_Maraɗi

Gaskiya ne, irinsa na gani. Na gode da gyara.

Uwar_Ɗalibai_Uku

Ni ba fannina ba ne, amma ina bin muhawarar saboda ɗana yana shirin WAEC da JAMB. Tambayata ita ce, idan malamin aji da jimla yake koyarwa kuma da ita yake duba takarda, me yaro zai rubuta? Ɗana ya taɓa rasa maki a wani darasin saboda ya bi abin da ya karanta a waje ya bar na malaminsa, kuma tun daga nan yake tsoron saɓa wa abin da ke cikin littafin rubutunsa.

Mai_Darasin_Yamma

Hajiya, ni shawarata ga yaro ita ce ya san ƙa'idar gaskiya, amma a gwajin aji ya bi malaminsa. Tun da Malama ta nuna cewa a yawancin tambayoyi amsar ɗaya ce, ban ga dalilin da zai sa yaro ya shiga takun saƙa da mai ba shi maki a kan abin da da wuya ya fito ba.

Malama_Daga_Zariya

A nan ban yarda da kai ba. Idan amsar ɗaya ce a yawancin lokuta, to yaron bai yi asarar komai ba don ya bi ƙa'idar gaskiya, kuma a ɗan lokacin da suka saɓa shi ne mai gaskiya. Abin da zai yi shi ne ya rubuta jerin lambobin biyu a gefen amsarsa, ya ja layi a ƙarƙashin wurin da suka fara saɓawa. Idan an soke, ya ɗauki misalin 2,5,5 da 3,3,6 ya kai wa malamin cikin ladabi, ya nemi a nuna masa yadda jimla za ta raba su. Malaman da na sani da yawa sun gaji hanyar ne daga waɗanda suka koya musu, kuma suna karɓar gyara idan aka kawo musu misali a takarda.

Mai_Darasin_Yamma

Wasu suna karɓa, Malama, wasu kuma ba sa so ɗalibi ya zo musu da haka a gaban aji. Ke da manya kike hulɗa, mu kuwa yara 'yan shekara goma sha biyar ne a hannunmu. Ina nan a kan ra'ayina, sai dai na yarda a koya musu ta gaskiyar tun farko.

Ɗalibar_SS2

Na koma kan sauran tambayoyin gwajin da dabarar zagaye bakin hanyoyi, sai na ci karo da wata matsala a wannan:

```
(CH3)2CH-CH(C2H5)-CH2-CH2-CH3
```

Na warware shi na samu bakin hanya huɗu. Idan na taso daga ɗaya daga cikin CH3 biyun hagu na bi zuwa dama, kabon shida nake samu. Idan na taso daga bakin ethyl na karya dama, kamar yadda Malam ya nuna mini ɗazu, shida ɗin nake sake samu. Wacce zan ɗauka?

Malam_Na_Alli

Madalla, kin yi aikin yadda ya kamata, tun da har kin ga hanya ta biyun. Idan sarƙa biyu suka yi tsawo ɗaya, ana ɗaukar wadda ta fi yawan rassa. Ki bi ta farko: methyl a kan na biyu, ethyl a kan na uku, rassa biyu ke nan. Ki bi ta biyu: abin da ya rage a waje dunƙule ɗaya ne mai kabon uku a kan na uku, reshe ɗaya. Ta farko za ki ɗauka. Ki gwada rubuta sunan da kanki.

Ɗalibar_SS2

Daga hagu 2 da 3, daga dama 4 da 5, saboda haka daga hagu zan ƙirga. Ethyl ya riga methyl a haruffa. Na rubuta 3-ethyl-2-methylhexane. Kabon biyu da ɗaya da shida, tara, kuma tara na ƙirga a zanen. A takardar gwajin kuwa 2-methyl-3-ethylhexane na rubuta, aka ba ni rabin maki ba tare da bayani ba.

Hajiya_Mai_Gwaji

Na yanzu shi ne daidai, kuma rabin makin na jerin haruffa ne, tun da sarƙarki da lambobinki sun tafi daidai a wancan karon. Ki kiyaye kuma cewa di da tri da ke nuna yawan reshe ba a lissafa su a jerin, ethyl yana gaban dimethyl duk da d ta riga e.

Ɗan_Sharada

To wancan dunƙule mai kabon uku da aka ƙi ɗauka, ai shi ne isopropyl da muke gani a takardu. Ke nan ba a taɓa sa shi a sunan alkan?

Malama_Daga_Zariya

Ana sa shi idan babu sarƙa mafi tsawo da ta ratsa ta cikinsa. Ka ɗora shi a kan kabon na huɗu na sarƙa bakwai: hanyar da ta bi ta cikinsa shida take bayarwa, saboda haka bakwai ɗin ce babbar sarƙa, shi kuma ya zauna a matsayin reshe. Littattafai da yawa suna rubuta 4-isopropylheptane, shawarwarin IUPAC na 2013 kuma sun fifita 4-(propan-2-yl)heptane. Ɗalibar_SS2, ki zana wannan ki zagaye bakin hanyoyinsa, ki turo mana tsawon kowace hanya kafin ki duba sunan.